Shekara nawa batirin sola zai yi a gida, kuma me ke cin kwanansa?

"Malam, wata goma sha huɗu ke nan da ka haɗa mini sola. Da farko wuta tana kai mu asuba, yanzu ƙarfe uku na dare konbatisar ke fara kuka, sai komai ya ɗauke. Mai shagon da na sayi baturan ya ce shekara goma suke yi. Wani ɗan uwana kuma ya ce laifin kongelatar ne da na ƙara lokacin azumi. Shekara nawa ya kamata su yi, kuma me ke kashe su?"

Assalamu alaikum Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Irin baturan da ke gidanka, wato batirin jel mai bolt 12 da amfer-awa 200 guda biyu da aka jera su suka ba da bolt 24, abin da za ka sa rai a kansu a nan Damagaram shekara biyu ne zuwa uku. Wanda ya ajiye su a ɗaki mai sanyi, bai kuma matsa musu ba, yana iya kai huɗu. Wanda yake tatse su kowane dare, shekara ɗaya da rabi ma sai an yi sa'a.

Shekara goman nan tana rubuce a takardar masu ƙera batirin, amma da sharaɗi biyu da mai shago bai faɗa maka ba. Batirin zai zauna ne a cike kullum yana jiran ranar da kuran zai ɗauke, ba a shan wutarsa sai jefi-jefi, kuma zafin ɗakin bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Gidan da ke rayuwa da sola bai cika ko ɗaya daga cikin biyun ba. Batirinka yana sauka kowane dare, yana hawa kowace rana, don haka mu ba da shekara muke ƙirga kwanansa ba, da yawan sauka da hawan nan muke ƙirgawa, sau 365 a shekara.

Yawan zagayen da batiri zai jure ya danganta da zurfin da ake kai shi. A takardun batirin jel mai kyau za ka ga lissafi kusan haka: idan kashi 30 cikin ɗari ake sha kowane dare, yana kai zagaye 1,500 ko fiye, wato sama da shekara huɗu. Idan rabi ake sha, wajen 700 zuwa 800, wato wajen shekara biyu. Idan kashi 80 ake sha, wajen 500, shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Duk wannan a ɗaki mai digiri 25 aka auna shi. Batiri ɗaya ne, kuɗi ɗaya aka biya, amma wani ya ci shekara huɗu da shi, wani shekara ɗaya da ƴan watanni.

Bari mu zo kan gidanka da alƙalami. Batura biyun nan, in ka ninka bolt 24 da amfer-awa 200, suna riƙe wat-awa 4,800 lokacin da suke sababbi. Rabin wannan, 2,400, shi ne iyakar abin da aka tsara za ka sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Ampul shida masu wat 10, awa biyar, sun ci 300. Tele da dekoda, wat 80 na awa huɗu, 320. Fanka biyu masu wat 60 suna juyawa awa goma, 1,200. Cajin wayoyi wajen 50. Jimla 1,870. Konbatisar tana zubar da kusan kashi goma wajen mayar da wutar batiri ta koma irin ta gida, sai lissafin ya hau 2,080. Ita kanta tana cin wajen wat 25 muddin tana kunne, ko ba a jona mata komai ba, a awa goma sha uku ta ci sama da 300. Ga 2,400 ta cika cif, a daren bazara. Da hunturu, da ba a kunna fanka, abin da ake sha bai wuce 1,100 ba, ƙasa da rubu'i. Watannin sanyin nan su ne hutun batirin, da su ake kai wa shekara uku.

Ɗan uwanka ya yi gaskiya, ko da yake bai faɗe ta duka ba. Kongelatar irin taka tana jan wajen wat 150 idan injinta ya tashi. Da zafi, ana buɗe ta ana rufewa, ana zuba mata sabon ruwan leda, injin yana aiki fiye da rabin lokaci. Mu ce awa bakwai a cikin dare: 1,050, da asarar konbatisar ya kai kusan 1,170. Ɗora a kan 2,400, ka samu 3,570. Kashi uku cikin huɗu na batirin ke nan a dare ɗaya, kuma wannan lissafin sabon batiri ne. Yayin da ya fara rauni, wannan nauyin dai shi zai riƙa kai shi har ƙasa.

Rabin gaskiyar da ya rage yana kan rufin gidan, kuma a ganina shi ya fi ɓarna. Fano huɗu masu wat 250 gare ka, wat 1,000 a rubuce. Ranar Damagaram tana ba da kwatankwacin awa biyar da rabi zuwa shida na cikakken haske, amma fano yana rage ƙarfi in ya yi zafi, ƙura tana cin nata, waya da regilatar, na'urar da ke daidaita cajin batiri, suna cin nasu. Abin da ke shigowa da gaske wajen wat-awa 4,000 ne a yini mai kyau. Batirin dalma kuma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, sai ka ba shi ɗari ya riƙe maka wajen tamanin da biyar. Kafin kongelatar, mayar da 2,400 yana buƙatar 2,800, saura 1,200 na aikin rana, lissafi ya fita. Yanzu mayar da 3,570 yana buƙatar 4,200, ya riga ya fi abin da fano ke kawowa, alhali kongelatar da fankoki suna ci da rana su ma. Ma'ana tun azumi baturan nan ba su ƙara cika ba. Kullum magariba tana riskarsu da gibi, gibin yau ya hau kan na jiya.

Ga abin da rashin cika yake yi a ciki. Duk lokacin da batiri ya ba da wuta, ruwan asid ɗinsa yana haɗuwa da farantan dalma, wani farin abu mai suna salfat ya kwanta a jikinsu. Wannan ba cuta ba ce, haka yake aiki. In caji ya zo ya cika shi, farin abin ya narke ya koma cikin ruwan. Amma in aka bar shi kwanaki da makonni bai narke duka ba, sai ya ƙanƙare ya zama ƙwayoyi masu tauri da cajin yau da kullum ba ya iya fasawa. Duk wurin da ya ƙanƙare ya fita daga aiki. Kamar randa ce da ake jefa wa tsakuwa kaɗan-kaɗan: tana saurin cika, tana saurin ƙarewa. Shi ya sa nake roƙonka ka lura da regilatar da safe. In ka ga tun ƙarfe goma ta nuna batiri ya cika, bayan daren da wuta ta ɗauke, kada ka yi murna. Batiri mai amfer-awa 200 da aka zazzage ba ya cika a awa biyu ko uku da fano irin naka.

Akwai kuma maganar kukan konbatisar. Mutane da yawa sun ɗauka kukan nan shi ne alamar lokacin tsayawa ya yi. A'a, lokacin ya wuce tuntuni. Yawancinsu daga masana'anta an saita su su yanke a bolt 21, wato 10.5 a kowane batiri, kuma a nan batiri ya kwashe tas. An sa wannan iyakar don kada ya mutu a daren, ba don ya yi tsawon rai ba. Batirin dalma da ya huta, ba caji ba kaya, in yana cike za ka ga wajen 25.6 a tsarin bolt 24. In ya kai rabi, wajen 24.4. Da kaya a kansa lambar takan ɗan faɗi ƙasa da haka, don haka ƙa'idar da za ka koya wa mutanen gida mai sauƙi ce: da dare in allo ya nuna 24.0, a kashe manyan kaya a bar ampul. Idan na zo zan ɗaga iyakar yankewar zuwa wajen 23.5, in irin konbatisar ɗinka tana yarda a taɓa wurin. Wuta za ta riƙa ɗaukewa da wuri fiye da yanzu, iyali za su yi ƙorafi, amma gara hakan.

Sai zafi, wanda a garin nan ba mu da yadda za mu kauce masa gaba ɗaya. Ƙa'idar da masu ƙera batirin dalma suka yarda da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batiri biyu. Zafi yana sa ƙarfen da ke riƙe da farantai ya yi saurin ciwuwa, yana kuma busar da jel ɗin, ga shi batirin a rufe yake, ba hanyar mayar masa da ruwan da ya rasa. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura digiri 40, to ina ga magaza mai rufin kwano ba silin, ƙofa a kulle yini guda. Inda baturanka suke yanzu ke nan. Ɗakin laka mai kaurin bango ko ɗakin da ke tsakiyar gida ya fi musu nesa ba kusa ba. A guji bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar zuwa magariba, ya kwana yana fitar da zafi. A ɗora su kan katako don ruwan shara ko na damina kada ya same su, a bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninsu, kada a lulluɓe su da buhu ko tabarma wai don ƙura, kada kuma a kulle su cikin akwatin da iska ba ta ratsawa. Ko batirin jel yana iya fitar da iska mai kama wuta in caji ya yi masa yawa. Amma kada ka sa yara su ɗauke su zuwa wani ɗakin kafin in zo, don in batiri ya yi nisa da konbatisar sai an canza waya zuwa mai kauri, in ba haka ba wutar a hanya za ta zube.

Zafin yana shafar caji ma. Batirin jel a digiri 25 yana son a kai shi wajen 28.2 zuwa 28.8, a riƙe shi a nan awa biyu ko uku, sannan a sauke shi zuwa wajen 27.4 har rana ta faɗi. In ɗakin ya kai digiri 40, ya kamata waɗannan lambobin su sauka da kusan 0.7. Regilatar mai kyau tana yin wannan da kanta ta hanyar ɗan wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batiri. In wayar ta saki tana lilo a iska, ko ɓera ya cinye ta, to regilatar tana dafa batirin da cajin da ya dace da sanyi. Ka duba mini ita. Ka duba kuma nau'in batirin da ke kan allo, dole ya zama `GEL`. In wani ya latsa ya koma `FLD`, na batirin ruwa ke nan, wanda ake ba shi caji mai ƙarfi lokaci-lokaci har ya tafasa. Batirin ruwa yana amfana da hakan, na jel kuwa lalacewa yake yi. Alamar cajin da ya wuce kima ita ce gefen batiri ya kumbura, ko ka taɓa shi da rana ka ji ya fi ɗan uwansa zafi sosai. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka kashe komai ka kira ni a ranar.

Sauran abubuwan da ke rage masa kwana ba su da wuyar ganewa. Dutsen guga, hita da famfon jan ruwa kayan rana ne, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe uku, shi ma ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana fizgar sama da amfer 45 daga batura, alhali amfer-awa 200 da aka rubuta an auna shi ne da jan amfer 10. Batirin dalma in aka ja shi da ƙarfi ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. Kada kuma a jona ampul ko rediyo mai bolt 12 a kan batiri ɗaya daga cikin biyun. Wanda ake sha zai riƙa zama baya, ɗayan ya riƙa shan caji fiye da kima, su mutu tare ta hanya biyu daban. Lokacin hazo a wanke fano sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. In damina ta yi kwana biyu da gajimare, a rage kayan dare tun daren farko.

Yanzu sai mu san abin da ya rage a jikinsu, kuma za ka iya gwadawa da kanka. Cire kongelatar daga sola kwana uku, a taƙaita komai, baturan su samu cika ta gaske. In akwai caja da hanyar kuran ɗin NIGELEC ko gurup, a ba su caji har su cika, ya fi sauri. A rana ta uku bayan magariba, kunna fanka biyu da tele kawai. Wannan da abin da konbatisar ke ci ya kai kusan amfer 10. Bar su awa biyar daidai, ka fitar da amfer-awa 50 ke nan, rubu'in sabon batiri. Sai ka kashe konbatisar gaba ɗaya, ka jira awa ɗaya, ka karanta lambar da ke kan regilatar. In ka ga wajen 25.0, baturan suna da sauran ƙarfi sosai, matsalar nauyi ce kawai. In ka ga 24.4, amfer-awa 50 ɗin nan ya zama rabinsu, wato ƙarfinsu ya koma 100. In ta faɗi ƙasa da 24.0, sun kusa gamawa. In kana da abin awon bolt, auna kowanne shi kaɗai. Ya kamata su zo kusan daidai. In ɗaya ya nuna 12.3 ɗayan 11.9, na biyun ne ke jan ɗan uwansa. In kuwa ka ga ɗaya a wajen 10.5 bayan ya huta, ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke cikinsa ya mutu, wannan ba ya gyaruwa.

Daga bayanin da ka yi, zatona za ka samu tsakanin 24.3 da 24.6. In haka ne, ba a dawo da abin da ya tafi, amma ana iya tsayar da saurin tafiyar. Salfat da bai daɗe ba yakan saki kaɗan in aka yi mako ana cika batirin sosai kowace rana. Kongelatar kuma ta koma aikin rana: a kunna ta ƙarfe tara na safe, a kashe ƙarfe huɗu na yamma, a cika ta da gorunan ruwa su daskare su riƙe sanyi har gari ya waye, a rage buɗe ta da dare. Ko da hakan, wat 150 na awa bakwai ya cinye kusan duk rarar ranar, don haka sai an ƙara fano biyu, sai na duba ko regilatar za ta ɗauki ƙarin. Batura irin naka suna son caji tsakanin amfer 20 da 40. Da wannan gyaran suna iya ƙara maka shekara guda, da sharaɗin fanka ɗaya za ta kwana a kunne, ba biyu ba.

Abu biyu nake roƙo kada ka yi. Kada ka ba mai gyaran batiri ya fasa murfin ya zuba asid. Zai yi kamar ya farfaɗo na ƴan makonni, sannan ya mutu gaba ɗaya, garanti kuma ya tafi in da saura. Kada kuma ka sayi sabo ɗaya ka haɗa da tsoho ɗaya. Wutar da ke ratsa su ɗaya ce, tsohon zai riga cika ya riga ƙarewa, sabon ba zai taɓa yin aikinsa duka ba, cikin ƴan watanni ya bi sahun tsohon. In za a canza, biyun ake canzawa, iri ɗaya, shekarar ƙira ɗaya.

Ranar sayen sababbi, ka sa a ɗora su a sikeli a gabanka. Batirin jel mai amfer-awa 200 na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 65, domin dalma ce ke riƙe wutar, dalma kuwa nauyi gare ta. In ka ga kilo 45 da lamba 200 a jiki, lambar ce kawai ka saya. A auna shi kuma tun a shago: sabon da ya nuna ƙasa da 12.5 ya daɗe a ajiye cikin zafi ba caji, ya fara tsufa tun kafin ya shigo gidanka. Batirin mota kada ma a kawo maganarsa, an yi shi ne don tayar da inji na ƴan daƙiƙu, farantansa sirara ne.

In sayar da ƙanƙarar da kake yi da kongelatar zai ɗore, ni lityam zan ba ka shawara, wanda aka rubuta `LiFePO4` a jikinsa. Yana jure a sha kashi 80 kowane dare, takardunsa suna ba da zagaye 3,000 zuwa 6,000, kuma rashin cika ba ya yi masa illar da yake yi wa dalma. Zafi yana tsufar da shi shi ma, don haka maganar ɗaki tana nan. Ga nauyin darenka na 3,570, mai bolt 25.6 da amfer-awa 100 ya yi kaɗan, wat-awa 2,560 kawai yake riƙewa. Sai mai 200, wanda kashi 80 ɗinsa ya kai wajen 4,100. Zai kuma buƙaci a sake saita regilatar da konbatisar, ko a canza su in ba su san lityam ba, kuma ƙarin fano yana nan dole, don shi ma abin da aka zuba masa kaɗai yake bayarwa.

Ka yi gwajin awa biyar ɗin nan cikin makon, ka aiko mini da lambobi uku: na kan regilatar, da na kowane batiri shi kaɗai. Da su zan san ko fano zan taho da su ko maganar sababbin batura za mu zauna mu yi.

A gaida gida. Wassalam.